Yadda Ake Tantance Abin da Ke Cikin Littattafan Darasin Addini

A tsakiyar shekarar 2017 Najeriya ta ɗauki zafi a kan darasin addini a makarantun boko. Tushen maganar shi ne manhajar shekaru tara ta ilimin matakin farko, wadda hukumar NERDC ta yi wa kwaskwarima a 2012, aka fara aiki da ita a 2014. Don a rage wa yara yawan darussa, hukumar ta tara abubuwa biyar ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna Addini da Ɗabi'un Ƙasa: darasin addinin Kirista, darasin addinin Musulunci, nazarin zamantakewa, ilimin zama ɗan ƙasa, da ilimin tsaro. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta kai kuka fadar shugaban ƙasa cewa an dusashe darasin addininsu. Shugabannin Musulmi ma da dama ba su so haɗin ba. Shugaban NERDC na lokacin, Farfesa Ismail Junaidu, ya yi ta bayanin cewa kowane darasi na nan da malaminsa da ɗalibansa, inuwar ce kawai ɗaya. Bayanin bai kashe wutar ba. A watan Yuli na wannan shekara gwamnatin tarayya, ta hannun ministan ilimi Malam Adamu Adamu, ta ba da umarnin a raba darussan addinin biyu, kowanne ya tsaya da ƙafarsa.

Abin lura a wancan rikici shi ne irin hujjar da jama'a suka riƙa kafawa. Wani zai ɗauki hoton shafi ɗaya na wani littafi ya yaɗa, wani ya mayar masa da martani da hoton wani shafin. Shafi ɗaya yana iya tayar da hankali, amma ba ya faɗin abin da ke cikin sauran shafuka ɗari da hamsin, balle littattafan sauran kamfanoni. Masu binciken ilimi suna da hanyar amsa irin wannan tambaya, wadda ake kira nazarin ƙunshiya. Wani Ba'amurke, Bernard Berelson, ya rubuta littafin da ya tsara ta a 1952, Klaus Krippendorff kuma ya fitar da nasa a 1980, wanda har yau ake karantarwa a jami'o'i. A ƙasar Jamus akwai cibiya guda, Cibiyar Georg Eckert da ke Braunschweig, wadda ta shahara wajen binciken littattafan makaranta.

Hanyar ba ta da wani sirri. Ana yanka littafi zuwa ƙananan gaɓoɓi, a tanadi rukunai tun kafin a fara, a bi kowace gaɓa a sa mata lambar rukunin da ta faɗa, daga ƙarshe a ƙirga. Wahalar tana wajen tsara rukunan, da kuma tabbatar da cewa mutum biyu masu mabambantan ra'ayi za su sa wa gaɓa ɗaya lamba iri ɗaya.

Waɗanne littattafai, kuma wace gaɓa?

Manhaja daban, littafi daban. NERDC ce ke rubuta manhaja, wato jerin batutuwa da manufofin da ake so yaro ya cimma. Littafin da ke cikin jakar yaro kuwa kamfanin ɗab'i ne ya samo marubuci ya rubuta shi, kuma jihohi na da jerin littattafan da suka amince da su. Saboda haka kwamitin bita zai fara da tantance waɗanda ake amfani da su da gaske, ya rubuta sunan kamfani da shekarar bugu na kowanne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar da tsohon bugu da sabo da na satar fasaha ke zaune a kanta ɗaya.

Akwai kuma tarkon tsayawa ga littafin addini kaɗai. A 2011 hukumar Amurka mai sa ido kan 'yancin addini ta fitar da rahoto kan Pakistan, bayan an duba littattafai sama da ɗari na aji ɗaya zuwa goma daga lardunan ƙasar huɗu. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka gano shi ne koyarwar addini ta ɓulla a darussan da kowa ke yi dole, irin su harshen Urdu da nazarin zamantakewa, waɗanda yaran Hindu da na Kirista ba su da damar kauce musu. Duk mai bitar manhajar Najeriya ta 2012 da ya bar littattafan ilimin zama ɗan ƙasa a gefe, ya bar rabin abin da aka yi gardama a kai.

Sai gaɓar da za a ƙirga. Kalma ɗaya ta yi ƙanƙanta: idan aka ce an ambaci "jihadi" sau goma sha biyu, ba a faɗi ko tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ake bayarwa ba, ko yaƙi da son zuciya ake koyarwa. Babi kuma ya yi girma, domin babi ɗaya na iya ɗauke da aya da tarihi da nasiha. Shi ya sa aka fi ɗaukar sakin layi, sannan a ware hotuna da tambayoyin ƙarshen babi a matsayin gaɓoɓi masu zaman kansu.

Rukunan da ake sa wa lamba

A ɗauka, don misali kawai, kwamiti na duba littafin addinin Musulunci na aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mai sakin layi 400. Kafin kowa ya buɗe shi, za a rubuta kundin ƙa'idoji, inda kowane rukuni ke da suna, da lamba, da ma'ana, da misalin abin da ya shiga, da misalin abin da ya yi kama amma bai shiga ba. Kowane sakin layi za a yi masa 'yan tambayoyi, kowace tambaya da nata rukunan.

Tambaya ta farko ita ce fanni. A nan manhajar da kanta ta ba da rukunan, domin darasin ya ginu ne a kan Alƙur'ani, Hadisi, Tauhidi, Fiƙihu, Sira da Tarihi, da Tahzibi, wato gyaran hali. Waɗanda suka yi karatu da littattafan marigayiya Hajiya Aisha Lemu na Minna sun san wannan rabon. Lamba 1 zuwa 6 ke nan, sai 9 ga abin da bai faɗa ko ɗaya ba. Ƙa'ida biyu ce ke riƙe da rukunai irin waɗannan: kowane sakin layi ya sami gurbi, kuma kada ya sami gurbi biyu. Nan da nan matsala za ta taso. Sakin layin da ya kawo hadisi a kan gaskiya, Hadisi ne ko Tahzibi? Dole kundin ya yanke hukunci tun farko, ya ce misali: idan ana koyar da nassin hadisin ne da mai ruwayarsa da ma'anarsa, lamba 2, idan an kawo shi ne don ƙarfafa wata nasiha, lamba 6. Littafin darasin Kirista zai sami nasa rabon, kamar Tsohon Alkawari, rayuwar Yesu, Ikilisiyar farko, da ɗabi'a.

Tambaya ta biyu ta shafi abin da ake nema daga yaro, kuma tambayoyin ƙarshen babi ne ke tona ta. Ana aro matakan da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956, sau da yawa a taƙaita su zuwa uku: tunawa, fahimta, da aiki da abin da aka koya. "Lissafa farillan alwala" tunawa ce. "Me ya bambanta farilla da sunna?" fahimta ce. "Musa ya tuna bai shafi kansa ba bayan ya idar da sallah, me zai yi?" aiki ne da ilimi. Idan manhaja ta ce tana son yaro ya iya aiki da abin da ya koya, sai aka tarar tambaya 70 cikin 80 duk na tunawa ne, to an sami giɓin da za a iya nuna wa marubuci da yatsa.

Ta uku ita ce su wane ne ke bayyana: maza ko mata, a wane matsayi, da wane irin suna. Wannan ba ta da wahalar sa lamba, sai dai tana cin lokaci.

A arewacin Najeriya akwai wata tambayar da kwamiti mai hankali ba zai tsallake ba, wato yadda littafi ke bi da saɓanin da ke cikin addinin kansa. Karatun zaure ya ginu a kan mazhabar Malikiyya, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, amma ajin yau na ɗauke da 'ya'yan 'yan ɗariƙa da na 'yan Izala da wasunsu. Idan littafi ya zo kan sakin hannu ko riƙe shi a sallah, ko kan Mauludi, rukunan na iya zama: ya kawo ra'ayi ɗaya bai ce akwai wani ba, ya kawo ra'ayi ɗaya ya ambaci cewa akwai saɓani, ya kawo biyu bai zaɓa ba, ko ya kawo ɗaya ya soki ɗayan. Ajin darasin Kirista ma haka yake tsakanin Katolika da sauran ɗarikun coci, misali a kan baftisma.

Rukunin da ya fi kowanne wuya

Inda gumi yake shi ne tambayar yadda ake siffanta mabiya wani addini. Mai sabon hannu zai yi rukuni uku, yabo, tsaka-tsaki da suka, ya ɗauka ya gama. Ba zai kai shafi na goma ba sai ya maƙale.

Dalili kuwa shi ne littafin addini, irin wanda ake koyarwa a Najeriya, yana magana ne daga cikin addinin, ga yaran da suka yi imani da shi. Littafin Musulunci zai ce Annabi Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba. Littafin Kirista zai ce Yesu Ɗan Allah ne, an gicciye shi ya kuma tashi a rana ta uku. Kowace magana ta ci karo da imanin ɗaya ɓangaren kai tsaye. Idan aka sa musu lambar "suka", to an yanke wa littattafan biyu hukunci saboda kawai sun faɗi aƙidarsu, kuma babu iyayen da za su yarda da rahoton. Idan kuma aka bar komai ya shige da sunan aƙida, cin mutunci na gaske zai sulale.

Mafita ita ce a raba magana a kan imani da magana a kan mutane. Kundi mai kyau zai ware bayyana aƙidar kai a gurbi guda, ko da ta saɓa wa ta wani. Gurbi na biyu shi ne bayanin aƙidar wasu, kuma a nan ana ƙara tambaya: su masu aƙidar za su gane kansu a bayanin? Littafin da ya ce Kiristoci na bauta wa alloli uku ya faɗi abin da Kirista ba zai amince shi ne imaninsa ba, kamar yadda littafin da ya ce Musulmi na bauta wa Ka'aba ya yi kuskure. Na uku labarin tarihi, inda ake maganar wasu mutane takamaimai a wani zamani, kamar Ƙuraishawan Makka ko Farisiyawa. Na huɗu shi ne jingina mugun hali ga dukkan mabiya wani addini, har da na yau. Na biyar kira ga ƙauracewa ko cutarwa. Sai kuma gurbin kyakkyawar mu'amala, inda labarin hijirar sahabbai zuwa Habasha wajen sarki Najjashi, ko misalin Basamariye mai kirki, za su zauna.

Iyakar da ke tsakanin na uku da na huɗu siririya ce. Sakin layi na iya farawa da labarin abin da wata ƙabila ta aikata a Madina ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, ya rufe da jimlar da ke cewa haka halinsu yake har gobe. Jimlar ƙarshen ce ta tsallake da shi daga tarihi zuwa tambari, kuma dole kundin ya faɗi a fili cewa ita ce ke yanke lambar. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne a auna littattafan addinan biyu da mudu ɗaya.

Gwajin masu sa lamba

Ko da an rubuta kundin da kyau, ba a yarda da shi sai an gwada. Ana ba mutum biyu sakin layi iri ɗaya, kowa ya yi aikinsa ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba, sannan a kwatanta. A aikin addini ya fi dacewa su fito daga ɓangarori dabam-dabam.

Ga yadda lissafin yake. A ce an ba malama Musulma da malami Kirista sakin layi 100, tambayar kuma ita ce ko akwai cin mutuncin wasu a ciki ko babu. Kowannensu ya ce akwai a guda 10. Da aka jera takardunsu, sai aka ga sun haɗu a kan "babu" sau 84, sun haɗu a kan "akwai" sau 4 kacal, sauran 12 kuma sun saɓa. Jimillar daidaito 88 cikin ɗari, adadin da zai burge duk wanda ya gan shi a rahoto.

Amma adadin yaudara ne. Tun da kowannensu na cewa "babu" sau tara cikin goma, ko da idonsu a rufe suke cike takardar za su dace da juna sau da yawa. Dacewar sa'a a kan "babu" ita ce 0.9 sau 0.9, wato 0.81, a kan "akwai" kuma 0.1 sau 0.1, wato 0.01. Idan aka haɗa, 82 cikin ɗari na daidaiton sa'a ce kawai za ta iya kawo shi. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Jacob Cohen, ya fito da ma'aunin Kappa a 1960 don cire wannan kaso. Ana ɗebe 82 daga 88, saura 6. Ana ɗebe 82 daga 100, saura 18, wato iyakar abin da ƙwarewa za ta iya ƙarawa a kan sa'a. Shida a raba da goma sha takwas ya ba da 0.33, a ma'aunin da 1 ke nufin cikakken daidaito, sifili kuma ke nufin sa'a zalla. Krippendorff, a kan nasa ma'aunin mai kama da wannan, ya ba da shawarar kada a dogara da sakamakon da bai kai 0.80 ba, abin da ya gaza 0.667 kuwa a ajiye shi gefe.

Ma'anar 0.33 ita ce malaman biyu ba abu ɗaya suke kira cin mutunci ba. Ba a gyara wannan da tilasta wa ɗaya ya bi ɗaya. Ana zama a kan waɗancan 12 ɗin ɗaya bayan ɗaya, kuma galibi za a tarar saɓanin ya taru wuri guda, misali ɗaya na sa wa bayyana aƙida lambar suka, ɗayan kuma na ɗauke kai daga tambarin da ya ɓuya cikin labarin tarihi. Sai a gyara ma'anar rukunin, a ƙara misalai, a sake gwaji da sabbin sakin layi ɗari, ba tsofaffin da aka riga aka tattauna ba. Idan a karo na biyu suka haɗu a kan "akwai" sau 9, a kan "babu" sau 89, suka saɓa sau biyu, ma'aunin zai tashi zuwa 0.89. Daga nan ne ake fara ainihin aikin. Rahoton bitar littattafai da bai faɗi mutum nawa suka sa lamba ba, bai kuma ba da wannan adadi ba, ra'ayin mutum ɗaya ne aka yi wa ado da alƙaluma.

Abin da ba a rubuta ba

Bincike mafi shahara na irin wannan shi ne wanda aka fitar a watan Fabrairu na 2013 kan littattafan makarantun Isra'ila da na Falasɗinu. Majalisar shugabannin addinai ta Ƙasa Mai Tsarki ce ta nemi a yi shi, gwamnatin Amurka ta ba da kuɗi, Farfesa Sami Adwan na Jami'ar Baitalami da Farfesa Daniel Bar-Tal na Jami'ar Tel Abib suka jagoranta tare da Bruce Wexler na Jami'ar Yale. An yi nazarin littattafan Isra'ila 74 da na Falasɗinu 94, na darussa daban-daban har da na addini, amma an bar littattafai masu tsarki a waje. Masu sa lamba sun fito daga ɓangarorin biyu, suna jin Larabci da Ibrananci, kuma suna tura sakamakonsu kai tsaye zuwa rumbun ajiya a Yale.

Kowane ɓangare ya daɗe yana zargin ɗayan da koya wa yara cewa maƙwabcinsu ba mutum ba ne. Ƙirgan ya nuna irin wannan siffantawa ba ta da yawa ko kaɗan a littattafan biyu. Abin da ya yi yawa shi ne labari mai fuska ɗaya da ke nuna ɗayan a matsayin abokin gaba, da kuma shiru: ƙarancin bayani kan addini da al'ada da rayuwar yau da kullum ta ɗaya ɓangaren. Ma'aikatar ilimin Isra'ila ta yi watsi da rahoton, ta ce akwai son kai a ciki. Tsaftar hanya ba ta hana a ƙi sakamako.

Shirun nan shi ne raunin ƙirga, domin ba a sa lamba a kan sakin layin da ba a rubuta ba. Littafin da bai taɓa ambaton cewa akwai wani addini a unguwar yaro ba zai fito fes a rukunin cin mutunci, da sifili. Hanyar kama shi ita ce a juya aikin: a rubuta jerin abubuwan da manhaja ta ce a koyar, kamar haƙƙin maƙwabci ko zama da wanda ba addininku ɗaya ba, a bi littafin ana neman kowanne, a rubuta ko ya zo cikakke, ko an taɓa shi sama-sama, ko babu shi sam.

Yawa ma ba shi ne nauyi ba. Jimla ɗaya mai kira ga cutar da wasu cikin sakin layi 400 kashi ɗaya ce cikin huɗu na kashi ɗaya cikin ɗari, za ta ɓace a jadawali, alhali ita kaɗai ta isa a janye littafi. Don haka rukuni na huɗu da na biyar ba a taƙaita su da kaso. Ana kawo kowace jimla yadda take, da lambar shafi da shekarar bugu, domin kamfanin ya san abin da zai cire, mai shakka kuma ya buɗe ya gani da idonsa.

Sannan nazarin ƙunshiya bai san abin da ke faruwa a aji ba. A makarantun gwamnati da yawa yara ba su da littafin ma, abin da malami ya rubuta a allo suke kwafa, shi kuma malamin na iya tsallake babi ko ya ƙara nasa. Wannan ne ya sa masu binciken Pakistan na 2011 ba su tsaya ga littattafai ba, suka shiga makarantu suka yi hira da malamai da ɗalibai. Kwamitin da ke da hali yakan haɗa da duba littattafan rubutun ɗalibai da tsofaffin takardun jarrabawa, a sa musu lamba da kundin da aka yi amfani da shi wajen littafin, a ga ko fannonin da littafi ya ba fili su ne waɗanda malami ya koyar, kuma su ne waɗanda aka tambaya a ƙarshen zango.